Takardar gayyata lamuni ce, ba tikitin biɗa ba: a daina zagin wanda ya ƙi sa hannu

Yau magana ce wadda ta raba wa da ƙane, ta sa uwa ta yi fushi da ɗanta, ta sa wasu sun daina ɗaga wayar gida. Maganar takardar gayyata ce, wadda ɗan'uwa da ke zaune ƙasar Turai yake aikowa don a nemi biza da ita. Daga Bangi zuwa Tamaske, daga Karofane zuwa Ibohamane, duk gidan da ke da mutum a Faransa ko Beljik ya san wannan kukan: "Takarda ɗai muka roƙe shi, ya hana. Ya samu wuri ya rufe ƙofa." Ni dai na ce a mafi yawan lokaci wanda ya ƙi shi ne mai gaskiya, kuma masu zaginsa ba su san abin da suke roƙo ba.

Dalilin rashin fahimtar a fili yake. Mu mutanen Adar da Gobir tafiya muka gada. Ana gama girbi samari su ɗaura jaka, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya ko Aljeriya. Wanda zai tafi Abijan ba ya neman izinin kowa, lambar wayar ɗan garinsu ta ishe shi. Ya sauka tasha, a kai shi ɗakin ƴan gari, a matsa a ba shi wurin shimfiɗa, bayan kwana uku a nuna masa inda zai fara talla. Da wannan idon muke kallon takardar gayyata. Muna ɗauka ita ma lambar waya ce da aka rubuta a takarda, wato "zo, akwai wurin kwana." Alhali abin da mai gayyata yake sa wa hannu ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba.

Mu ɗauki Faransa, tunda dokarta a rubuce take kuma kowa na iya bincikawa. Idan baƙo zai zo ziyarar dangi wadda ba ta wuce wata uku ba, kuma gidan mutum zai sauka, mai masaukin ne zai tashi da ƙafarsa ya tafi meri, wato ma'aikatar magajin garin da yake zaune. A can zai cika takardar da sunanta a rubuce yake attestation d'accueil, lambar fom ɗin Cerfa 10798. Ba ya aiken kowa. Zai kai katin shaidarsa ko takardar zamansa, da shedar cewa gidan nasa ne ko yana biyan haya, da takardun albashi ko na lanho da ke nuna abin da yake samu, sannan ya sayi tambur na Yuro 30, kusan jika 20 ke nan na kuɗinmu. Ko an amince ko an ƙi, kuɗin tambur sun tafi.

Cikin fom ɗin kuwa abu uku ne ƙashin bayan magana: ina baƙon zai kwana, wa zai ɗauki nauyinsa, yaushe zai zo kuma yaushe zai tafi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don a ga inda zarginmu yake karyewa.

Na farko masauki. Ba a yarda da "akwai wuri" ba. Ana tambayar adireshi, da faɗin gidan, da yawan ɗakuna, da mutum nawa ke kwana ciki. Magajin gari yana da ikon aiko ma'aikata su zo su ga gidan da idonsu, kuma yana da ikon ƙin sa hannu idan ya ga ba za a iya saukar da baƙo cikin hali na mutunci ba. Idan wata guda ya wuce bai ba da amsa ba, a doka an ƙi ke nan. To yanzu ku tuna da yaronku da kuke cewa ya samu wuri. Da yawa daga cikinsu ɗaki guda suke haya su huɗu su biyar, sunan mutum ɗaya ne a takardar haya. Wani ma takardar zamansa ba ta fito ba tukuna. Irin wannan ko ya so ya gayyaci mahaifiyar da ta haife shi, ba shi da ƙafar shiga meri. Ba rowa ba ce, babu ce. Kunya ce ta hana shi faɗa muku, ku kuma hoton da ya ɗauka gaban motar wani ya ruɗe ku.

Na biyu kuɗi. Mai gayyata yana sa hannu cewa idan baƙon ya kasa ɗaukar nauyin kansa, shi ne zai biya kuɗin zamansa. Kuma gwamnatin Faransa ta yanka abin da take ganin baƙo yana buƙata kowace rana: Yuro 32.50 idan yana da takardar masauki daga meri, Yuro 65 idan ya kama otal, Yuro 120 idan ba shi da ko ɗaya. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, bai motsi. Ke nan ko gidan ɗan'uwansa zai kwana, ana so a ga fiye da jika 21 a kowace rana. Bayan wannan akwai asiransi ta rashin lafiya, wadda dole ta iya biyan har Yuro 30,000, kusan miliyan 20 na sefa, ta haɗa da asibiti da maido da mutum gida. A fom ɗin ana rubuta wanda zai saye ta, baƙo ko mai masauki.

Wasu ƙasashen ma sun fi haka ɗaure mutum. A Beljik, wanda ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi ana iya bin sa kuɗin zama, da na asibiti, da na maido da baƙon gida har tsawon shekara 2. A Jamus alkawarin shekara 5 yake ɗauka. Ku saurara da kyau: shekara biyar. Ƙanenka ya zo da bizar wata guda, ya ɓace, bayan shekara biyu ya kwanta asibiti ko aka kama shi aka sa shi jirgi, takardar bashin gidanka za ta zo. Wa ke cikinmu zai shiga kasuwar Madawa ya tsaya wa yaro lamunin miliyoyi, alhali yaron ya riga ya faɗa wa abokansa ba shi da niyyar biya?

Kada wani ya ce wannan dabarar Nasara ce da ba mu sani ba. Mun san ta tun kafin su zo. A zangunan fatake, daga Salaga zuwa Kumasi zuwa Sabon Ibadan, baƙo yana sauka hannun maigida. Maigidan shi ke ba shi ɗaki, shi ke ajiye masa kuɗi, shi ke tsayawa idan an ba da shanu ko goro bashi. Idan wanda ya tsaya wa ya gudu, shi ake kamawa, kuma sunansa ne ke zubewa. Har gobe a kasuwar bisashe, dillali ne shedar cewa ragon ba na sata ba ne. Ba mu taɓa ce wa dillali marar zumunci ba don ya ƙi tsaya wa dabbar da bai san asalinta ba. Mutum mai hankali muke ce masa. Takardar gayyata wannan lamunin ne aka sa masa hatimi.

Na uku shi ne komawa, kuma nan ne gizo yake saƙar. Masauki da kuɗi mai gayyata ke nuna su. Komawa kuwa ba shi da ikon nuna ta, don ba ƙafarsa ba ce za ta hau jirgi. Yana iya rubuta rana, yana iya rantsuwa, amma ma'aikacin biza ba rantsuwa yake karantawa ba. Abin da yake tambayar kansa shi ne: me wannan mutum ya bari a gida wanda zai ja shi ya koma? Idan an ƙi ba da biza, ana ba mutum takarda mai jerin dalilai, an yi alama a kan wanda ya shafe shi. Biyu daga ciki su ke yawan kayar da irin dosiyenmu: cewa bayanin dalilin tafiya da yanayin zama ba abin dogaro ba ne, da cewa akwai shakka mutum zai fita kafin bizarsa ta ƙare. Ku lura, takardar meri tana iya zama sahihiya, hatimi da komai, a kuma ƙi. Ita sharaɗi ce ɗaya cikin sharuɗɗa, ba ita ce bizar ba.

Bari mu buga misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata uwa ce a wani ƙauye na kwamin ɗin Tamaske, ɗiyarta tana aure a birnin Liyon, za ta yi haihuwar fari cikin watan Maris. Uwar tana so ta je ta zauna mata har a yi arba'in, kamar yadda aka saba. Surukin yana aiki, gidan haya ne mai ɗaki uku da sunansa. Wannan ita ce gayyata ta gaskiya, irin wadda aka yi dokar dominta.

Abin farko ba takardar gayyata ba ce, fasfo ne, don lambar fasfo ake rubutawa cikin fom ɗin meri. Fasfon ya zama bai wuce shekara 10 da yi ba, yana da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai ba, kuma zai ci gaba da aiki wata uku bayan ranar da za ta baro can. Daga nan sai a ɗauko takardar haihuwar ɗiyar a duba sunan uwa. Nan mutanenmu da yawa suke faɗuwa. A takardar haihuwa an rubuta sunan da ake kiranta da shi a gida, a fasfo an rubuta sunan yanka, ko kuma harafi biyu sun bambanta. Mu mun san mace ɗaya ce. Wanda ke zaune bayan gilashi bai sani ba, kuma ba aikinsa ba ne ya yi zato. Idan akwai saɓani, a gyara shi a gidan shari'a ko wurin masu rajistar haihuwa tun kafin a kashe dala ɗaya a kan sauran.

Sai lissafi. Kwana 40 sau Yuro 32.50 ya kama Yuro 1,300, wato wajen jika 853. Da babu takardar meri kuma babu otal, kwana 40 ɗin nan Yuro 4,800 za a nema, fiye da miliyan 3. Kun ga amfanin takardar ke nan na haƙiƙa: ta sauko da abin da ake nema, ba ta share shi ba. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun ranar 11 ga Yuni 2024, wajen jika 59, kuma ba a maidowa idan an ƙi. A ƙara asiransi, da tikitin zuwa da dawowa, da kuɗin aiko ainihin takardar, don ita ake so a hannu, ba hotonta na waya ba.

Akwai kuma wani nauyi da ya ƙaru a kanmu. Tun ranar 2 ga Janairu 2024 Faransa ta sanar da rufe ofishin jakadancinta na Yamai, ta ce ƙananan ofisoshinta na ƙasashen yankin su za su riƙa aikin. Ga shi neman biza sai mutum ya je da kansa an ɗauki zanen yatsunsa da hotonsa. Ke nan tsohuwar nan, bayan kilomita wajen 500 da ke tsakanin Madawa da Yamai, sai ta ƙetare iyaka, da kuɗin mota, da masauki, da ɗan rakiya. Kuma ba a ɗaukar takardar merin Faransa a kai ta ofishin wata ƙasar Turai don ya fi kusa: ƙasar da za a zauna ita ke duba dosiye. Shi ya sa kafin suruki ya sayi tambur, ya shiga france-visas.gouv.fr ya tabbatar da ofishin da zai karɓi dosiyen mai zaune a Nijar da lokacin da ake samun randebu. Ana iya ajiye dosiye tun wata 6 kafin tafiya, amsa kan ɗauki kwana 15, tana iya kai 45. Haihuwar Maris, a fara shiri tun kaka.

Bayan fom ɗin meri, yana da kyau mai gayyata ya haɗa da wasiƙa tasa zuwa ga ofishin biza. Da Faransanci ake rubuta ta, amma ga ma'anar irin wadda take aiki: "Ranka ya daɗe, ina gayyatar surukata, mahaifiyar matata, ta zo wurinmu daga 10 ga Maris zuwa 18 ga Afrilu, kwana 40, saboda matata za ta haihu, ga takardar likita. Za ta sauka gidanmu, ɗaki uku ne, mu biyu ne a ciki, za ta samu ɗakinta. Ni zan biya tikitin zuwa da dawowa, da asiransi, da ci da sha, ga takardun albashina na wata uku. Za ta koma ranar 18 ga Afrilu, domin mijinta da ƙananan ɗiyanta biyu da ke lakkol suna gida, kuma tana da gonar da za a shirya kafin saukar damina." Iyakarta ke nan. Kowace jimla tana da takardar da ke bayanta.

Yanzu ku kwatanta da irin wadda aka saba rubutawa: ina gayyatar ɗan'uwana ya zo ya huta wata uku, ya ga gari, zan ɗauki nauyin komai. Wane ɗan'uwa, ta wace hanya? Wane komai, da wane albashi? Me ya sa wata uku cif, iyakar abin da doka ta yarda, kwana 90 cikin 180? Saurayi mai shekara 24, ba mata, ba shago, ba aiki, ya ce hutu zai je. Hutun me? Ko kuma mutum ya rubuta shi manomi ne, sannan ya nemi tafiya daga Yuni zuwa Satumba. Da hannunsa ya ƙaryata kansa, don manomin hatsi ba ya barin gona daga shuka zuwa girbi. Mai lambun albasa a Magiya ko Tarka shi ma bai barin ta tsakanin dashe da cira. Ranar tafiya da ranar komawa su dace da sana'ar da aka faɗa.

Shedar komawa fa muna da ita, sakaci ne ya hana mu riƙe ta a takarda. Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa hukumomin gonaki da muke kira Kofo, daga na gari zuwa na kwamin zuwa na dapartama, kuma ta hanyarsu ake samun takardar shedar gonar gado, ko ta saye, ko ta kyauta. Mutum nawa ne cikinmu suka karɓi tasu? Ɗan kasuwa yana da patanti da takardun lanho. Ma'aikaci yana da takardar aiki da ta hutu mai ɗauke da ranar komawa bakin aiki. Magidanci yana da takardar aure da ta haihuwar yara. Waɗannan aikin mai tafiya ne, ba na mai gayyata ba. Kuma a guji dabarar nan ta aro miliyan biyu a zuba banki ana saura sati a kai dosiye. Takardar banki ta watanni ake dubawa, ana ganin asusun da ya kwana fanko sannan ya kumbura dare ɗaya.

To, na san amsar da za a ba ni, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za a ce: kai malam, wa ya ce maka hutu muke nema? Mun san ƙarya ce, shi ma ya sani. Damina ba ta ciyar da gida, hanyar hamada kuwa kabari ce. In ɗan'uwa zai iya raba yaro da Sahara da teku da sa hannu guda, ya ƙi, ina zumuncin? Wannan magana tana da nauyi. Duk wanda ya taɓa zaman makokin yaron da ba a ga gawarsa ba ya san nauyinta. Za a ƙara da cewa tsarin kansa ba adalci ba ne: talaka ya biya jika 59, a ƙi shi da alama guda a takarda, a riƙe kuɗinsa. Wannan ma gaskiya ne, ban kare shi ba.

Amma mu bi dabarar mu ga inda take kai yaron. Bizar ziyara ba ta ba da izinin aiki. Ranar da ta ƙare, ya zama marar takarda: ba haya da sunansa, ba aiki sai na ɓoye da katin wani, ba zuwa gida ko uwa ta rasu, don in ya fita ba shi komowa. Idan an kama shi, ana iya ba shi umarnin barin ƙasa tare da hana shi shiga, kuma a rubuta sunansa cikin na'urar da duk ƙasashen Shengen ke dubawa. Zanen yatsun da ya bayar wurin neman biza suna ajiye. Tun 12 ga Oktoba 2025 kuma ƙasashen sun fara aiki da sabon tsarin da ke rubuta shiga da fitar baƙi da hoto da yatsu, maimakon dogaro da hatimin fasfo kaɗai. Zamanin yaga fasfo a canza suna ya wuce. Ba a raba yaron da wahala ba, an canza masa irinta ne.

Sannan wa ke biyan kuɗin wannan ƙaryar? Na farko mai gayyata. A dokar Faransa, ɗaya daga cikin dalilan da magajin gari zai iya ƙin sa hannu shi ne idan takardun da mutum ya nema a baya sun nuna an karkatar da manufarsu, kuma fom ɗin kansa yana tambayar waɗanda ka taɓa gayyata. Na biyu, wadda ba ta ci ba ba ta sha ba: tsohuwar nan ta Tamaske. Ranar da ɗiyarta ke naƙuda, surukin zai je meri a tuna masa da ƙanen da ya gayyata shekara biyu da suka wuce wanda har yau ba a ga fitarsa ba. Yaro ɗaya ya ci rabon gidan duka. Wannan ne zumuncin? Wanda ya tsallake rijiya ya tura ƙasa a ciki, na baya su sha me?

Su ma na wajen ba zan bar su ba, don da laifinsu. Kai da ka san ba ka da gida da sunanka, faɗi. Kada ka riƙa cewa "in sha Allahu bayan salla" shekara uku, yaro ya ƙi noma ya ƙi koyon sana'a yana jiran takardarka. Ka kira mahaifinku ka ce: Baba, ɗakin da nake mu biyar ne, meri ba za ta sa mini hannu ba. Zafin wannan na kwana biyu ne. Kuma kai da ka samu hali, in uwa ce ko uba ko mai ziyara ta gaskiya, kada ka fake da dokar nan ka hana. Doka ba ta hana gayyata ba, ƙarya ta hana.

Mafi muni su ne ƴan kamasho masu sayar da takarda. Alamominsu ba su ɓuya. Mai gayyatar ba ka san shi ba, ba ku haɗa komai ba. Takardar hoto ce a waya, ainihinta kullum "tana hanya." Ana ce maka akwai aiki yana jiranka, alhali takardar ziyara ce. Ana ce maka biza tabbas ce, alhali ko magajin garin da ya sa hatimi ba shi da ikon yin wannan alkawari, kuma ko da biza a fasfo ƴan sandan iyaka na iya tambayar takardar masauki da kuɗi da tikitin komawa su maido mutum daga filin jirgi. Takardar da tambur ɗinta jika 20 ne, a ce ka kawo miliyan, har ka jinginar da gonar da ita ce shedar komawarka. In an gane ta jabu ce, sunanka ne zai ɓaci, ba na dillalin ba.

Wanda kuma aka ƙi shi alhali dosiyensa na gaskiya ne, kada ya ruga ya sake biyan jika 59 da takardun jiya. Ya karanta dalilin da aka yi wa alama. In na kuɗi ne, a ƙaro shedar kuɗi. In na komawa ne, a ƙaro shedar gida. Ga Faransa akwai damar ɗaukaka ƙara a rubuce zuwa ofishin biza da ke birnin Nant cikin kwana 30, kuma mai gayyata da ke can ya fi kowa sauƙin bin wannan.

Don haka ga abin da nake kira gare shi, iyaye da sarakunan gari da malamai masu raba gardamar gida. Duk ranar da aka kawo muku ƙarar wane ya hana takarda, kafin ku yanke masa hukuncin yanke zumunci, ku zaunar da mai nema ku yi masa tambaya uku, su ne dai na cikin fom. Ina za ka kwana, kuma gidan da sunan wa yake? Wa zai biya, nawa ne a rana? Wace rana za ka dawo, me ka bari da zai dawo da kai? In ya amsa ukun ido cikin ido, ku kira na wajen ku matsa masa, kuna da gaskiya. In ya sunkuyar da kai a ta uku, to ba gayyata yake nema ba, so yake ɗan'uwansa ya yi masa shedar zur a gaban hukuma, ya kuma ɗauki bashin. Wannan kuwa ba hakkin zumunci ba ne, kuma wanda ya ƙi bai yi laifin komai ba.

A tura wa na Abijan da na Turai su ma su ji. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya.